Firjin rigakafi a Agege: wane saƙo ya isa ya tashi ma'aikaciya daga barci?

A ƙananan asibitocin Agege, inda matan Hausawa ke kai jarirai rigakafi, ana ajiye alluran a firji tsakanin digiri 2 da 8. Akwai na'urar da ake sakawa a ciki, tana auna sanyi tana tura saƙo waya. Matsalar ita ce, in an saita ta ta yi kuka da zarar awo ya haura 8, to duk buɗe ƙofa saƙo ne, duk ɗauke wuta saƙo ne, a Legas kuwa ɗauke wuta ba labari ba ne. Kafin mako ya zagayo ma'aikaciya ta daina dubawa, ranar da firjin ya lalace da gaske saƙon sai ya ɓace cikin 'yan'uwansa.

Ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ga na'urorin da ke adana awon kwana 30 ta haɗa awo da lokaci. Gargaɗin zafi ba ya tashi sai an yi awa 10 a jere sama da digiri 8. Na sanyi kuwa minti 60 kawai yake jira, in awo ya sauka ƙasa da sifili da rabin digiri. Da dalili. Zafi a hankali yake cin allura, kuma akwai tambari a jikin kwalba da ke duhu yana nuna ɓarnar. Amma allurar penta ko ta ciwon hanta in ta daskare ta tashi aiki, in ta narke kuma ido ba ya ganewa sai an yi gwajin girgizawa.

A ce wuta ta ɗauke ƙarfe tara na daren Juma'a. Firji mai bangon ƙanƙara yana riƙe sanyi sa'o'i da yawa, don haka wannan a rubuta shi kawai, a gani da safe. In awo ya haura 8 ƙarfe biyu na dare, a ganina jiran awa 10 ya yi yawa ga na'urar da ke iya kiran mutum, domin waccan ƙa'ida ta shaida ɓarna ce. Bayan awa ɗaya a sama da 8, saƙo guda ya je wa mai aikin dare, ta sa a tada janareta. In ba ta amsa ba cikin minti 30, ya wuce ga shugabar asibitin, daga nan sai jami'in ajiyar allurai na ƙaramar hukuma, mai ikon kwashe su cikin akwatin sanyi zuwa wani firjin.

Kada kuma saƙon ya rufe sai awo ya koma 7 ya zauna, in ba haka ba firjin da ke lilo a bakin 8 zai yi ta aiko "ya tashi, ya sauka" har asuba. A ƙarshen wata a ƙirga saƙonnin da ba wanda ya motsa dominsu. In sun fi rabi, saitin ne ke buƙatar gyara.