Yawan tambaya a kan ƙaramin aiki: abin da ya kamata ku sani

Wata mata ta aiko yaro ɗan shekara 10 shagon tela da doguwar riga a leda, ta ce zif ya lalace, a sa sabo. Maigidan shagon ya fita, sai ɗan koyo ya karɓa. Ya juya rigar, ya dubi yaron ya ce, "Koma ka tambayi Hajiya, wane launin zif take so?" Yaro ya je ya dawo: ta ce irin na jiki. "To na ƙarfe ko na roba?" Ya sake komawa cikin rana. A karo na uku da aka tura shi ya tambayo ko yau take son rigar, bai dawo da amsa ba. Ya dawo ne ya ce Hajiya ta ce a ba shi kayanta.

Ina zaune a kan benci ina jiran nawa ɗinkin lokacin da aka yi wannan, kuma abin ya dame ni, domin ɗan koyon ba malalaci ba ne, ba kuma mara ladabi ba. Yana ganin taka-tsantsan yake yi. An raine mu da cewa matambayi ba ya ɓata, kuma gaskiya ne. Abin da ba a cika gaya mana ba shi ne kowace tambaya tana da kuɗinta, kuma yawanci ba mai tambayar ne ke biya ba.

Ku dubi tambayoyin nan uku da kyau. Amsar ta farko tana jikin rigar, tunda tsohon zif ɗin na nan da launinsa. Ta biyu ma haka, haƙoransa suna nuna ko na ƙarfe ne ko na roba, tsawonsa kuma tef zai faɗa, inci 18 ne ko 20. Ta uku kuwa ba ta sauya komai: sa zif aikin ɗan lokaci ne, ko yau take so ko gobe, gara a yi a gama. Ke nan babu ɗaya cikinsu da ke neman wani sani da ke wurin Hajiya ita kaɗai. Wannan shi ne awon farko da ya kamata mutum ya yi wa tambayarsa tun tana baki: shin amsar tana gabana? Kuma idan an ba ni ita, za ta sauya abin da hannuna zai yi?

Asarar da kowa ke gani ita ce ta lokaci da zirga-zirga da katin waya. Akwai wadda ta fi ta zurfi. Wanda ya kawo maka aiki ya kawo ne don ka sauke masa wani nauyi, kuma rabin nauyin nan tunani ne. Mai riga ba ta san zif hawa-hawa ne ba, ba ta kuma son ta sani, shi ya sa ta nemi tela. Duk ƙaramar shawarar da ka mayar mata, ka mayar mata da wani yanki na aikin da za ta biya ka ka yi. Wani lokaci ma tambayar kan tilasta wa mutum ya ƙirƙiri amsa. Ka ce wa wanda bai taɓa riƙe tef ba, "Faɗin hannun inci nawa za a yi?" Kunya ba za ta bar shi ya ce bai sani ba, sai ya ambaci wata lamba. Ka ɗinka a kanta, riga ta fito ba daɗi, ka ce ai shi ya faɗa. Da ka yi shiru ka bi ƙa'idar sana'arka, da ta fi kyau.

A nan ne nake ganin ya kamata kowa ya binciki zuciyarsa. Tambayoyi da yawa ba neman sani ke haifar da su ba, tsoron laifi ne. Mutum na so in abu ya ɓaci ya sami wanda zai nuna. Ɗan koyon da aka taɓa yi wa tsawa a gaban mutane saboda ya yi gaban kansa, shi ne zai koma yana tambayar ko launin zaren da za a ɗaura maɓalli. Don haka maigidan da yaransa suka cika tambaya, ya fara duba yadda yake karɓar ƙananan kurakuransu.

Asarar da ta fi ba ni tsoro kuwa ita ce yadda yawan tambaya ke kashe kunnen wanda ake tambaya. Idan ka jera wa mutum tambayoyi 8, daga ta huɗu ya daina saurare, sai "eh, eh, duk yadda ka gani." To idan ta bakwai ita ce mai muhimmancin gaske, ta tafi cikin ruwan eh ɗin nan ba tare da an yi tunani a kanta ba. Tambayoyin banza su ne ke rufe ta kirki.

Wannan ɗabi'a tsohuwa ce. Sura ta 2 a Alƙur'ani, Baƙara, ta samo sunanta daga labarin da ke ayoyi 67 zuwa 71, inda aka umarci mutanen Annabi Musa (AS) su yanka saniya. Umarnin a buɗe yake, amma suka yi ta komawa da tambaya, a kan shekarunta, a kan launinta, a kan ainihin irinta, kowace amsa tana ƙara ƙuntata musu zaɓi. Malaman tafsiri sun yi bayanin cewa da sun yanka kowace saniya tun farko da ta wadatar. Kusan duk wanda ya zauna wurin tafsirin azumi ya ji wannan, amma ba kasafai muke kawo shi cikin shago da ofis ba.

To yaushe ne tambaya ta zama dole? Shagon tela ya fi ko'ina koyar da wannan, domin yana da kayan aiki iri biyu, allura da almakashi. Abin da allura ta yi galibi ana iya warware shi. Abin da almakashi ya yi ya yiwu ke nan. Kafin ka yanke shawarar yin shiru, tambayi kanka: idan hasashena ya kuskure, me za a rasa, kuma ana iya gyarawa? In abin da za a rasa zare ne da mintuna kaɗan, yi aikinka. In yadin mutum ne da ya ɗauko daga Kantin Kwari da kuɗin da ya daɗe yana tarawa, tsaya.

Mu ɗauki misali mu bi shi daki-daki. Mutum ya shigo da shadda yadi 5 da tsohon kaftaninsa, ya ce, "A yi mini irin wannan, sai dai a ƙara tsawo kaɗan." Sabon hannu zai fara lissafo tambayoyi: har da wando? Aljihu nawa? Wane irin wuya? Maɓalli fa? Gogaggen tela ba zai yi ko ɗaya ba. Yadi 5 ga babban mutum ya riga ya faɗa cewa riga da wando ne. Aljihu da wuya da maɓalli duk suna jikin samfurin, kuma kalmar "irin wannan" ta ɗauke su gaba ɗaya. Awon wando yana littafin awo idan tsohon abokin ciniki ne, in kuma baƙo ne, a sa tef a auna shi nan take, wannan ba tambaya ba ce, aiki ne.

Saura "kaɗan". Inci 1 ne ko 4? Ko wannan ma ba sai an tsare shi da neman lamba ba. Tela zai kara tsohuwar rigar a jikinsa, ya nuna da yatsa ƙasan gwiwa ya ce, "Alhaji, nan ya yi?" Sannan wajen yanka ya bar rara a ƙasa, domin doguwar riga ana rage ta, gajera kuwa sai haƙuri. Dabara ce babba: idan akwai shakka, ka zaɓi kuskuren da ke gyaruwa, sai buƙatar tambaya ta ragu da kanta.

Amma ga inda shiru zai zama laifi. Tsohon kaftanin yana da aiki a wuya da zare mai ruwan toka, sabuwar shaddar kuwa ruwan ƙasa ce. "Irin wannan" ba ta warware wannan ba: zanen aikin yake nufi, ko har da launin zaren? Amsar ba ta jikin riga, tana ran mai riga. Kuma da zarar keken aiki ya bi ta kan shadda, ko an warware, ramukan allura ba sa ɓacewa. Ga sharuɗɗan duk sun haɗu: ba ka da hanyar sani, amsar za ta sauya aikin, kuskuren ba ya gyaruwa. Cikin tambayoyi shida ko bakwai da ka iya zuwa baki, wannan ɗaya ce ta cancanci fitowa.

Yadda za a yi ta ma yana da muhimmanci. Kada a ce, "Wane launi kake so?" a bar mutum yana lalube. A ɗauko zare biyu a ɗora kan yadin a ce, "Alhaji, ni dai ina ganin wannan mai duhun zai fi hawa, ko ka fi son mai hasken?" Ka yi masa tunanin, ka bar masa zaɓin. Kuma a yi ta tun yana tsaye a shagon. Tambayar da za ta ci daƙiƙa 10 a lokacin karɓar kaya, idan aka bari sai ana saura kwana 3 Sallah, ta zama kiran waya biyar da ba a ɗauka ba, yadi na ajiye, ga layin ɗinki ya taru.

Tsakanin tambaya da shiru akwai hanya ta uku da mutane ke mantawa: ka yi aikin, ka faɗi abin da ka ɗauka. "Hajiya, ban sami zif mai launin tsohon daidai ba, na sa wanda ya fi kusa, ba ya ma fitowa fili. In bai yi miki ba a dawo da shi in sauya." Rigarta na hannunta, ba ta jira komai ba, kuma ƙofar gyara a buɗe take. Wannan hanya tana aiki ne kawai inda gyaran ke da sauƙi. Mai POS da zai tura kuɗi ba zai ce ya ɗauka lambar asusun daidai ce ba, dole ya karanto sunan da ya fito ya ji an ce shi ne, ko da layi ya kai bakin titi. Haka mai kemis da aka ce wa a ba da maganin zazzaɓi na yaro, wajibi ne ya tambayi shekarun yaron. Buƙatar gajera ce, amma gajartar magana ba ita ke nuna sauƙin aiki ba.

Da maigidan shagon nan ya dawo aka ba shi labari, bai ɗaga murya ba. Ya ɗauko wata riga daga cikin tarin gyara ya miƙa wa ɗan koyon, ya ce ya faɗa masa duk abin da rigar ta riga ta gaya masa kafin ya buɗe baki ya tambayi kowa. Yaron ya juya ta, ya ambaci launin zare, da wurin da ɗinki ya saki, da alamar tsohuwar kalmasa da ke nuna an taɓa rage tsawonta. Maigidan ya ce, "To me ya rage da ba ka sani ba?" Ya yi shiru yana dubawa, can ya ce, "Ko za a matse ta ne ko a bar ta yadda take, Maigida." Ya ce masa wannan kaɗai zai tambaya in mai ita ya zo.