Tara Kuɗin Rasit da Maɓallan Ajiya na Kalkuleta

Ƙaramar kalkuleta tana da ma'ajiya mai riƙe jimilla a gefe, ko da an share fuskarta. Kafin a fara, a danna MC domin a goge tsohon lissafi. Rasit na farko naira 1,500 ne: a rubuta, a danna M+. Na biyu kwali 3 ne a kan naira 400: a buga 3 × 400 =, sannan M+. Idan an mayar da kayan naira 200, a rubuta 200, a danna M-. Danna MR zai nuna 2,500.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne mantuwa da MC. Muddin harafin M yana fuskar kalkuleta, akwai sauran kuɗi a ciki. A wasu kalkuletocin MRC ne kawai: dannawa ɗaya ta nuna jimilla, ta biyu ta goge.