Yadda Ake Zaunar da Kwalbar Turare a Kan Tebur Mai Sheƙi a Cikin Hoto

Duk mai bibiyar tallace-tallacen da 'yan kasuwa ke sakawa a waya ya saba ganin irin wannan hoton: kwalbar turare tsaye a kan tebur mai sheƙi, launi ya fita, rubutu ya fita, amma ido ya ƙi yarda. Kwalbar kamar tana lilo a iska. Abin da ya faru shi ne an ɗauki hotonta a wani wuri, an yanko ta, an manna a kan hoton tebur, aka bar abubuwa biyu da ke shaida wa ido cewa kaya ya zauna: inuwar gindi, da hoton kwalbar da tebur ke maidowa kamar madubi.

Masu koyon aikin sukan ɗauki abubuwan nan biyu a matsayin abu ɗaya, alhali kowanne da ubangidansa. Inuwa haske take bi. Idan taga tana hagu, inuwa dama za ta faɗa. Shi kuwa hoton madubi ba ruwansa da inda taga take, idon kyamara yake bi, don haka kullum yana sauka ne kai tsaye ƙarƙashin kwalbar, yana fuskantar mai kallo. Wanda ya karkatar da shi gefe don ya dace da haske ya riga ya ɓata aikin.

Mu ɗauki misali a Photoshop. Hoton tebur ne na katako mai duhu da aka shafa wa man sheƙi, tsayin hoton fiksel 2000, haske na shigowa daga hagu. Kwalbar mai zagayayyen gindi ce, tsayinta fiksel 1200, an yanko ta tana kan leyarta ita kaɗai. Lambobin da za su biyo baya na wannan girman ne. Idan hotonka ya ninka haka, su ma ka ninka su.

Da inuwar gindi ake farawa, domin ita ce ke ɗaure kwalbar da tebur. A daidai inda gilashi ya taɓa katako haske ba ya samun hanyar shiga, sai wurin ya yi duhu ƙwarai, amma siriri ne. Buɗe sabuwar leya a ƙarƙashin kwalbar, ka mayar da ita `Multiply`. Kada ka ɗauki baƙi wuluk. Ɗebo launi daga wuri mafi duhu a jikin teburin, saboda inuwa a kan jan katako ja ce mai duhu. Da ƙaramin buroshi ka bi lanƙwasar gindin, layin ya leƙo waje da fiksel 3 zuwa 5 kacal, sannan ka sa masa `Gaussian Blur` na fiksel 2. Sai leya ta biyu, mai faɗi da laushi: ta bazu kamar fiksel 40 daga gindin, dusashewarta 20 zuwa 25, `Opacity` wajen 35, ta ɗan fi nauyi a dama tunda haske daga hagu yake. Idan ta zagaye kwalbar daidai wa daida har saman gefunanta, ta zama irin inuwar da `Drop Shadow` ke bayarwa, wadda ke sa abu ya yi kama da takardar da aka liƙa a bango.

Yanzu hoton madubi. Ka kwafi leyar kwalbar da `Ctrl+J`, ka danna `Ctrl+T`, ka zaɓi `Flip Vertical`, ka ja kwafin ƙasa har gindi ya haɗu da gindi, ka ajiye shi ƙarƙashin leyoyin inuwa. Rubutun jikin kwalbar zai kife, kuma haka ya kamata.

A nan ne yawancin aiki ke lalacewa. Kifewar nan tana yin daidai ne kawai idan an ɗauki hoton kwalbar kyamara na daidai da saman tebur, inda gindin ke fitowa a miƙe. Amma galibi daga ɗan sama ake ɗauka, sai gindin ya lanƙwasa, tsakiyarsa ta sauko ƙasa. Da ka kife shi, lanƙwasar ta juya sama. Gindin biyu za su haɗu a tsakiya kawai, gefe da gefe kuma a ga tebur ta tsakaninsu. A zahiri, gindin hoton madubin yana bin lanƙwasa iri ɗaya da ta kwalbar. Maganin shi ne `Warp`: ka tura kwafin sama kaɗan ya ɓuya a bayan kwalbar, ka ja gefunansa sama, tsakiyarsa ƙasa, har layukan takardar da ke jikinsa su lanƙwasa ta fuskar da na asali suka lanƙwasa. Idan kwali ne mai nuna fuska biyu, kowace fuska ake yankewa daban, a kife ta, a daidaita ta da `Skew` har ta manne da gefenta na ƙasa.

Akwai iyakar da dabara ba ta wucewa. Tebur daga ƙasa yake kallon kwalbar, saboda haka saman murfin da kyamara ta hango bai kamata ya fito a hoton madubi ba; sai a goge shi. Idan kuwa an ɗauki kayan daga sama sosai, ko abu ne mai ƙafafu irin kaskon turaren wuta, jan leya ba zai fitar da cikin da kyamara ba ta gani ba. Ya fi sauƙi a sake ɗaukar hoton kayan a kan gilashi ko tayil mai sheƙi.

Saura ƙarfinsa. Gilashi, idan aka kalle shi kai tsaye, kusan kashi 4 cikin 100 na haske kowace fuskarsa ke maidowa, amma da ido ya sauko ya kusa kwantawa da shi sai ya koma tamkar madubi. Haka ma fentin tebur. Kenan kyamarar da ke ƙasa-ƙasa tana neman hoton madubi mai ƙarfi, wadda ke sama kuma mai rauni. A misalinmu `Opacity` na 30 ya isa farawa. Ka ƙara masa `Layer Mask`, ka ja `Gradient` don ya yi ƙarfi a gindi ya riƙa raguwa yana nisa. Sannan, tunda katako ba ya kai madubi santsi, hoton yana fita tar kusa da gindi, yana dusashewa can ƙasa. Kwafi biyu ke ba da wannan: ɗaya da dusashewar fiksel 1 ya bayyana kusa, ɗaya da fiksel 10 ya karɓa daga nesa. Kuma a kula, inda tebur ya ƙare nan hoton ke yankewa, ba ya zuba a kan bango ko ƙasa.

Launin teburin ma yana da ta cewa. A kan baƙin tebur mai sheƙi hoton madubi ne ke fitowa sosai, doguwar inuwa da ƙyar ake ganinta. A kan farin tebur kuwa akasin haka ne, inuwa ke rinjaye, hoton ya zama ɗan alama. Wanda ya ba su ƙarfi ɗaya a kowane tebur, aikinsa zai nuna. Abin da ya fi kowace lamba shi ne wani abu da ke cikin hoton teburin tun asali, ko ƙafar fitila ce ko hasken taga: yadda teburin ya maido shi, haka zai maido kwalbarka.

Kafin ka tura wa mai kaya, ka faɗaɗa gindin zuwa kashi 200 ka nemi farin zare da yanka ya bari, domin fiksel ɗaya mai haske tsakanin kwalba da inuwa ya isa ya ɗaga ta daga tebur. Daga nan ka ƙanƙantar da hoton zuwa girman fuskar waya ka sake dubawa, don a nan masu saye za su gan shi.