Yadda Ake Hana Fuska da Haske Canzawa a Zanen Tallan Bidiyo

Tallan bidiyo na daƙiƙa ashirin yana iya zama ɗauka shida ko bakwai, amma mai kallo yana so ya ga mutum ɗaya, a ɗaki ɗaya, a lokaci ɗaya, daga farko har ƙarshe. Idan matar da ta fito da jan ɗankwali ta koma da shuɗi bayan daƙiƙa uku, ko ranar da ke shigowa ta hagu ta koma dama, hankalin mai kallo zai bar kayan da ake tallatawa ya koma kan abin da ya rikice. A Kannywood akwai wanda aikinsa ke nan, shi ne mai kula da ci gaban shiri, wanda ke rubuta kayan da ɗan wasa ya sa da hannun da ya riƙe kofi, don kada a dawo gobe a ɗauki wani abu daban.

Kafin a kunna kyamara, masu talla sukan zana kowace ɗauka a takarda, su jera zanen, su nuna wa mai kaya yadda tallan zai gudana. Wannan allon labari ya samu gindin zama ne a kamfanin Walt Disney a farkon shekarun 1930. A yau da yawa ba sa zanawa da hannu. Suna rubuta wa manhajar ƙirƙirarriyar basira bayanin hoton da suke so, ita kuma ta fitar da shi. Saurin aikin yana da daɗi, sai dai ya zo da wata matsala da mai zanen hannu bai taɓa fama da ita ba.

Manhajar ba ta tuna jiya

Mai zane da ya zana fuska a takarda ta farko yana riƙe da ita a kansa idan ya kai ta shida. Yawancin manhajojin zana hoto ba haka suke ba. Kowane hoto suna fara shi ne daga ɗigo-ɗigo marasa tsari, su bi kalmomin da aka ba su har siffa ta fito. Duk abin da ba a faɗa ba, manhajar za ta cike shi da abin da ta ga dama, kuma a kowane zuwa daban za ta cike. Idan ka rubuta «matar nan ta ɗazu», ba ta san wata ɗazu ba. Ko suna ka raɗa wa matar, sunan ba zai riƙe mata hanci ko launin fata ba.

Maganin shi ne a raba umarnin gida biyu. Akwai ɓangaren da ba ya motsi, wato siffar mutum, wurin da yake, da hasken da ke kansa. Wannan ana rubuta shi sau ɗaya, a riƙa kwafo shi a kowace ɗauka ba tare da an taɓa ko waƙafi ba. Akwai kuma ɓangaren da ke canzawa, wato inda kyamara take da abin da mutumin yake yi. Mai hannu da shuni a rubutu yakan ji kunyar maimaita jimla ɗaya sau shida, sai ya sauya kalma don ta yi daɗi. A nan wannan gwanintar ita ke ɓata aiki, domin «ja» da «ja mai duhu» riguna biyu ne a wurin manhaja.

Mu ɗauki tallan zoɓo

A ce mai sana'ar zoɓon kwalba tana son talla na daƙiƙa ashirin da za ta sa a WhatsApp da TikTok, don haka hoton a tsaye zai zama, 9:16. Labarin gajere ne. A ɗauka ta farko, mai daƙiƙa uku, ana ganin uwa a ɗakin girki daga nesa. A ta biyu tana zuba zoɓo a kofi, a ta uku kuma an matso kan hannunta da kofin, kowacce daƙiƙa uku. Ta huɗu yaronta ne ya shigo daga makaranta, ta biyar tana miƙa masa kofin, kowacce daƙiƙa huɗu. Ta shida kwalbar ce ita kaɗai a kan tebur, daƙiƙa uku.

Da yake manhajojin sun fi jin Turanci, da shi ake rubuta musu. Ga ɓangaren da ba ya motsi:

```
Hausa woman, 35, deep brown skin, round face,
plain maroon head tie, plain cream gown, small gold
stud earrings. Small kitchen, pale green wall, wooden
table. Warm late afternoon sun from one window on
frame left, soft shadows falling to the right.
```

An faɗi shekarunta da launin fatarta da siffar fuskarta, an faɗi ɗankwali da riga da ɗan kunne, sannan bango da tebur da taga. A ƙarƙashinsa ne ake ƙara layi ɗaya na kowace ɗauka. Na ta biyu zai zama haka:

```
Medium shot, eye level. She stands on frame right,
facing left, pouring red drink into a glass.
```

Akwai dalilin da ya sa aka zaɓar mata yadi mara zane. Atamfa ta fi kama da abin da uwa za ta sa a gida, amma manhaja ba ta iya maimaita zanen atamfa iri ɗaya sau shida. Furen da ke hannun riga a hoto na farko zai girma a na biyu, ya koma ganye a na uku. Haka lalle yake yi, haka aikin wuyan riga, haka zanen hular zanna idan namiji ne. Duk abin da ke da ƙananan layuka masu yawa zai yi ta yawo. A allon labari gara a sa yadi mai launi ɗaya, a rubuta a gefe cewa ranar ɗauka atamfa za a sa.

Launin fata ma sai an tsare shi. Idan aka bar shi ba a faɗa ba, ko aka faɗa a wata ɗauka aka manta a wata, sai a ga matar tana ƙara haske a hankali, musamman idan an matso kusa da fuskarta. Shi ya sa kalmomin fata suke zama a layin farko na kowane umarni.

Taga tana nan inda take

Haske ya fi fuska wuyar riƙewa, domin mutane sukan bayyana shi da yadda yake sa su ji, su ce haske mai kyau ko haske irin na fim. Manhaja za ta ba da kyakkyawan haske kowane lokaci, amma daga wuri daban. Abubuwa huɗu ake so a faɗa: daga ina yake fitowa, ta wane ɓangaren hoton yake shigowa, launinsa, da kaifin inuwarsa. A tallanmu taga ɗaya ce, tana hagu, ranar la'asar ce mai ɗan ja, inuwa kuma mai laushi. Masu kyamara suna auna launin haske da kelbin. Hasken rana tsaka wajen 5600 ne, fitilar fim mai ruwan ɗorawa kuma 3200. Waɗannan lambobin za su amfani mai ɗaukar hoto ranar aiki, amma manhaja ta fi bin kalmomi kamar lokacin yini da launi.

Abin da ya fi rikitarwa yana zuwa ne a ɗauka ta huɗu da ta biyar, inda mutum biyu suka haɗu. Uwar tana dama tana kallon hagu, wato tana fuskantar taga, don haka haske ya cika mata fuska. Yaron yana hagu yana kallon dama, tagar tana bayansa. Ke nan fuskarsa tana cikin inuwa mai laushi, haske kuma ya zagaye masa keya da kafaɗa. Wanda ya kwafo «haske a kan fuska» ya manna wa yaron ya matsar da taga zuwa ɗaya bangon bai sani ba. Saboda haka a ɓangaren da ba ya motsi ana faɗin inda tagar take ne kawai, sannan a layin kowace ɗauka a faɗi yadda hasken ya sauka a kan wanda ke ciki.

Wannan yana tafiya ne da wata tsohuwar ƙa'idar fim, ta digiri 180. A ja layi a zuci tsakanin uwa da ɗanta, kyamara ta tsaya a gefe ɗaya na layin har talla ya ƙare. Muddin ba ta tsallaka ba, uwa tana dama, yaro yana hagu, taga tana hagu. Kafin a rubuta umarni ko ɗaya, yana da kyau a zana ɗakin daga sama a takarda, a sa alamar taga da tebur da mutanen biyu da wuraren kyamara shida. Daga wannan ɗan zanen ake karanto hagu da dama na kowace ɗauka.

Inda kalmomi suka gaza

Ko an rubuta komai daidai, kalmomi suna ba da irin mutum ne, ba mutum guda ba. Mata dubu za su dace da wancan bayanin. Don haka ake fara fitar da hoton matar ita kaɗai, a gaban bango mara komai, a zaɓi wanda ya fi, sannan a riƙa ba manhajar shi a matsayin abin kwatance a kowace ɗauka. Midjourney ta fito da `--cref` don wannan a 2024, tare da `--cw` mai lamba daga 0 zuwa 100. A 100 tana ƙoƙarin ɗauko fuska da gashi da tufafi, a 0 kuma fuska kawai. Haka za a yi wa yaron nasa hoton daban. Fuskar kwatancen ta zama wadda manhaja ta ƙirƙira, ko ta wanda ya amince a yi amfani da ita. Ɗauko fuskar 'yar wasa a manna wa kayan da ba ta san da su ba zalunci ne, kuma yana iya kai mutum kotu.

Akwai kuma lambar `--seed`, wadda ke tsayar da ɗigo-ɗigon da hoto ke farawa daga gare su. Da yawa suna zaton ita ke riƙe fuska. Abin da take yi shi ne ta ba da hoto makamancin na baya idan kalmomin ba su canza ba. Da zarar an ce matar ta juya ko kyamara ta matso, lambar ba ta da ikon tsare kamanninta.

Kwalbar ma kada a bar wa manhaja. Rubutun da ke jikin lakabi yakan fito a karkace, musamman na Hausa mai ɗ da ƙ da ɓ. A ɗauki hoton kwalbar gaske kusa da taga, haske na zuwa ta hagu, a ɗora shi a ɗauka ta shida.

Dubawa kafin a kai wa mai kaya

Hoto ɗaya a babban allo yakan burge har a kasa ganin laifinsa. Laifin yana fitowa ne idan an jera duka shidan a layi, an ƙanƙanta su. Da farko a bi inuwa: ta hanci, ta kofi a kan tebur, da ɗan farin ɗigon da ke cikin ƙwayar ido. A wurin uwar, inuwa ta faɗi dama, ɗigon ya zauna hagu. Sai a cire launi, a mai da su baƙi da fari, nan take za a ga wanda ya fi 'yan uwansa haske. Daga nan a ƙirga ƙananan abubuwa, kamar ɗan kunne, ɗaurin ɗankwali, hannun da ke riƙe da kofi, da yawan zoɓon da ke cikinsa, kada kofin da aka cika a ta uku ya koma rabi a ta biyar ba wanda ya sha.

Idan ɗauka ɗaya ce ta fita daga sahu, ita kaɗai za a sake, ko a gyara wurin da ya ɓaci a bar sauran hoton. Amma idan aka taɓa kalma ɗaya a ɓangaren da ba ya motsi, to dole a sake duka shidan, domin an riga an canza matar ko an canza ɗakin. Shi ya sa ake kai wa mai kaya hoton matar da na ɗakin tun farko, ta ce ta yarda, kafin a fara ɗauka ta ɗaya.