Ninkin hCG a Farkon Ciki

Da zarar ciki ya shiga, mabiyiya kan fara fitar da sinadarin hCG, kuma likita na auna yawansa a jini. Awo ɗaya ba ya faɗin komai sosai, domin mata biyu masu cikin mako biyar na iya samun lambobi masu nisa da juna, kuma duk lafiya lau. Shi ya sa ake sake awo bayan awa 48, a ɗakin gwaji ɗaya.

A ce ranar Litinin an samu 200. In Laraba ta nuna 400, ya ninka. In 320 ne, ya ƙaru da kashi 60 cikin ɗari, kuma yawancin likitoci ba sa tayar da hankali, don ciki lafiyayye kan hau da rabi kawai. Lamba in ta haura 6,000, ninkin kan ɗauki kwana huɗu ko fiye.

Amma 200 da ta tsaya a 220 abin dubawa ne. Ko cikin na shirin zubewa, ko ya zauna a bututu, wajen mahaifa. Hoton ciki ke rarrabewa, musamman in lamba ta kai 1,500 zuwa 2,000. Ciwon mara ɓangare ɗaya, jini ko jiri kuwa, asibiti ake nufa nan take, ba a jiran Laraba.