Dalar Da Ke Ba Da Tarihin Ƙasa

Duk wanda ya taɓa ganin hoton dalar gyaɗa ta Kano ya san siffar: gindi mai faɗi, kai mai tsini. Masana ƙidayar jama'a ma suna da tasu dalar, sai dai ita a takarda take, kuma maimakon buhunan gyaɗa, mutane aka jera. Ana ja layi a tsakiya, maza a hagu, mata a dama. A can ƙasa jarirai ne da yara 'yan ƙasa da shekara 5, a bisansu 'yan 5 zuwa 9, haka ake ta hawa har a kai ga tsofaffi a ƙololuwa. Tsawon kowane hawa shi ke nuna yawan masu waɗannan shekarun.

Ta Nijar dala ce ta sosai. Kusan rabin mutanen ƙasar ba su kai shekara 15 ba, don haka gindin ya baje, kowane hawa kuma ya fi na samansa faɗi. Wannan alamar haihuwa ce mai yawa. Amma akwai abin da ido ba ya saurin gani: 'yan matan da suka cika hawan ƙasa su ne iyayen gobe. Ko da kowacce za ta haifi rabin 'ya'yan da uwarta ta haifa, yawan jama'a zai ci gaba da ƙaruwa shekaru da dama, domin iyayen kansu suna da yawa.

Ta Japan kuwa ta tashi daga dala ta koma tulu, ciki ya fi gindi. Mutum zai iya karanta tarihin ƙasar a jikinta da lissafi ɗaya: a cire shekarun hawa daga shekarar da aka zana dalar, sai shekarar haihuwa ta fito. A ɗauki dalar 2020. Akwai wani babban kumburi wajen masu shekara 71 zuwa 73, wato waɗanda aka haifa tsakanin 1947 da 1949, lokacin da sojoji suka koma gida bayan Yaƙin Duniya na Biyu, ana haihuwar kusan jarirai miliyan 2.7 a shekara. Ƙasa da shi akwai wani kumburin wajen masu shekara 46 zuwa 49, su ne 'ya'yan waɗancan. Na uku, wanda ya kamata jikoki su yi, bai zo ba. A 2022 jariran da aka haifa a Japan ba su kai 800,000 ba, alhali kusan kashi 29 cikin 100 na mutanen ƙasar sun kai shekara 65.

Abin da ya fi ɗaukar ido shi ne wani giɓi siriri daidai kan masu shekara 54, kamar an yanka da wuƙa. Ba yaƙi, ba annoba, camfi ne ya haddasa shi. A kalandar gargajiya 1966 shekarar "dokin wuta" ce, wadda ke zagayowa duk shekara 60, ana kuma cewa macen da aka haifa a cikinta za ta zame wa mijinta masifa. Ma'aurata da yawa suka ɗaga ƙafa, haihuwa ta faɗi da kusan kashi ɗaya cikin huɗu, sannan ta farfaɗo a 1967. Giɓin yana hagu yana dama, kuma sai a dalar da aka zana shekara-shekara yake fitowa sarai, domin ta biyar-biyar takan haɗiye shi.

Wannan batu na hagu da dama shi ne mabuɗi. Idan giɓi ya ci ɓangarorin biyu, galibi maganar haihuwa ce. Idan gefe ɗaya ya karkata, a nemi yaƙi ko ƙaura. Dalar Qatar ta yi wani ƙaton ƙusumbi a gefen maza tsakanin shekara 25 da 45, har maza sun zama kusan kashi 70 cikin 100 na mazauna ƙasar. Leburori ne daga Indiya, Nepal, Bangladesh da sauransu, sun zo aiki sun baro iyali a gida. Da za a zana dalar ƙauyen da 'yan ci-rani suka bari a jihar Tawa bayan kaka, akasin haka za a gani: gefen samari ya lotsa, an bar mata da yara da tsofaffi.

Sai dai dala ba ta fi ƙidayar da aka gina ta a kai gaskiya ba. A wuraren da takardar haihuwa ba ta wadata ba, har da Najeriya, idan malamin ƙidaya ya tambayi dattijo shekarunsa, sai ya ce, "To, ka rubuta 60." Sakamakon haka dalar takan fito da haƙora kamar zarto a kan 30, 35, 40 da 50. Mai karatu, in ka ga kumburi yana maimaita kansa a kan shekarun da suka ƙare da sifili ko biyar, kada ka wahalar da kanka neman wani abin tarihi. Kintace ne kawai.