Me Ya Sa Wasu Ke Ganin Tsohon Shafi Bayan An Sauya Masauki?

Idan mai shafin intanet ya koma sabon kamfanin da zai ajiye masa shafi, sunan shafin ba ya canjawa, lambar sabar da yake zaune a kai ce ke canjawa. Tsarin DNS ne ke haɗa suna da lamba, kamar yadda waya ke ajiye suna da lambar mutum.

Kamfanonin sadarwa ba sa neman lambar kullum. Sukan riƙe amsar da suka samu na wani lokaci da ake kira TTL, wanda ake ƙirgawa da daƙiƙa. A ce TTL ɗin 86400 ne, wato awa 24. In kamfanin layinka ya tambaya ƙarfe 8 na safe, aka sauya lambar ƙarfe 9, zai ci gaba da kai ka tsohon wuri har 8 na safiyar gobe. Maƙwabcinka mai wani layin kuwa tuni yana ganin sabo.

Don tantancewa, rubuta `nslookup` da sunan shafin a kwamfuta. In tsohuwar lamba ta fito, sai haƙuri. In sabuwa ce, wataƙila kwamfutarka ce ta riƙe tsohuwar lamba, sai ka gwada `ipconfig /flushdns` a Windows, ko kuma burauzarka ce ta ajiye tsohon kwafi, sai ka share ma'ajiyarta.

Rigakafi shi ne a rage TTL zuwa 300 kwana biyu kafin ƙaura, kuma kada a rufe tsohon masauki sai kowa ya iso sabon.